Takardar biyan mako ta ce kilo 20,210, sikelin kamfani ya ce 19,650: ina sauran suka shiga?

Sakataren_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasar Daura, mu 64 ne, galibi masu noma a fadamun wajen Sabke. Muna karɓar shanshera daga Asabar zuwa Alhamis, ranar Juma'a in an sauko masallaci mu biya kowa, don da yawa suna son shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi da kuɗinsu a hannu.

Ga yadda nake yi a Excel. In manomi ya kawo kaya sai a ɗora a sikeli, in cire nauyin buhu, giram 200 kowane ɗaya. Sai a auna danshi da mita. Ƙa'idarmu kashi 14 cikin 100 ce, abin da ya haura haka sai in cire. Datti kuma muna yafe kashi 1 cikin 100, abin da ya wuce a cire. Misali, mai lamba 17 ya kawo buhu 10, sikeli ya nuna kilo 862, na cire 2 na buhu, saura 860. Danshinsa 18, dattinsa 3. Na ce 4 na danshi da 2 na datti, 6 ke nan, na cire kashi 6 cikin 100, ya tashi da kilo 808.4. A kan naira 500 kilo, kuɗinsa 404,200.

Matsalar ita ce, makon jiya na karɓi kilo 21,500 bayan cire buhu, na biya kuɗin kilo 20,210. Muka shanya, muka ɗinke, muka kai wa masu injin casa, sikelinsu ya ce 19,650. Kilo 560 babu su, wato naira 280,000. Shugaba bai ce komi ba, amma kallon da yake mani ya isa. Ina kuskuren yake?

Dan_Baure:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, kafin ka taɓa kwamfuta fara duba mai gadin sito. Buhu bakwai ba ya tashi sama.

Sakataren_Fadama:
Na yi tunanin haka, Allah shi yafe mani. Amma yawan buhunan da suka shiga sito bayan shanya su ne suka hau mota, ni na ƙirga da kaina. Makulli kuma guda biyu ne, ɗaya wurina ɗaya wurin ma'aji.

Matashin_Sandamu:
Yaya, ni na ga matsalar. Ba a haɗa kashi da kashi a cire lokaci guda. Ka fara cire 4 na danshi, abin da ya rage sai ka cire mashi 2 na datti. Haka aka koya mana.

Akawu_Kofar_Soro:
Ƙanena na Sandamu, ka yi gaskiya cewa a jere ake cirewa, amma ka gwada da lambobin da ya bayar ka gani. 860 a cire kashi 4, saura 825.6. A cire kashi 2, saura 809.1. Ka ga ma ya fi 808.4 ɗin da ya biya, ramin ƙara zurfi ya yi. Ciwon ba a nan yake ba, a cikin 4 ɗin kanta yake.

Malam Sakatare, shanshera mai danshi 18 in ta sauko 14 ba kashi 4 take raguwa ba. Ka ɗauka haka: a cikin kilo 860 ɗin nan, kashi 18 ruwa ne, kashi 82 shinkafa ce tsantsa, wato kilo 705.2. Wannan 705.2 ba ya zuwa ko'ina, rana ba ta shan shi. In ta bushe zuwa 14, shi wannan 705.2 ɗin ne zai zama kashi 86 na sabon nauyin. To wane nauyi ne kashi 86 ɗinsa ya zama 705.2? Ka raba 705.2 da 0.86, za ka samu 820 cif. Ruwan da ya tafi kilo 40 ne, kai kuma 34.4 ka cire. A taƙaice ka ninka nauyi da 82, ka raba da 86.

Daga 820 ɗin sai ka cire kashi 2 na datti, saura 803.6. Kai ka biya 808.4. Kilo 4.8 ka biya na ruwan da ya bi iska, naira 2,400 a kan mutum ɗaya a kawowa ɗaya.

Sakataren_Fadama:
Allah shi saka da alheri Malam Akawu. Na ɗauki biro na bi, haka ne. To amma in na yi wa kayan makon duka haka, tunda galibinsu tsakanin 17 da 19 suke, in ɗauka 18: 21,500 ya koma 20,500, a cire datti ya zama 20,090. Kilo 120 kawai na gano. Saura 440.

Hajiya_Mai_Casa:
Sakatare, tambaya ɗaya. Ranar da kuka ɗinke buhunan za ku kai, ka sake soka mita? Nawa ta nuna?

Sakataren_Fadama:
Ban soka ba Hajiya. Amma a takardar da masu injin suka ba direba an rubuta 12.5.

Hajiya_Mai_Casa:
To ga kayanka nan. Shekarata goma sha ina turara shinkafa ina kai casa, na san abin da iskar hunturu ke yi. A ƙasarmu daga Nuwamba iska ta bushe ƙarau, shanshera ko a cikin buhu take a sito ci gaba take da sakin ruwa, balle an baza ta a tamfol yini biyu. Ku kun sayi kaya a kan 14, kun sayar a kan 12.5, mai saye kuma bai ƙara maku ko sisi ba don ta fi bushewa. Malam Akawu shi lissafa mana, ni kaina ba ya ɗaukar rabawa da ɗigo.

Akawu_Kofar_Soro:
Hajiya ta gama magana. Hanyar ɗaya ce: 20,090 a ninka da 86 a raba da 87.5, ya ba da 19,746. Kilo 344 ke nan suka tafi a shanyar da ta wuce kima. Haɗa da 120 na farko, 464. Abin da ya rage ba mu san inda yake ba kilo 96 ne, ba 560 ba. Wannan kuwa kaji da tsuntsaye da abin da ya zube a tamfol da bambancin sikeli biyu za su iya cinye shi. Kada ka manta kuma da kashi 1 na dattin da kuke yafewa: in kun sake shiƙa kafin ɗinki, wani abu daga cikinsa ya fita, kuma kun biya kuɗinsa.

Dan_Baure:
To na janye maganar mai gadi. Amma dai a riƙa dubawa.

Dillalin_Mashi:
Masu neman ma'aikatan yankan shinkafa da bugu, ni ina biyan nawa a kan kowane buhu ne ba a yini ba, ya fi sauƙin lissafi. Kuɗin yini yana sa lalaci.

Ummu_Hafsat:
Malam na Mashi ba maganar 'yan ƙwadago ake ba, maganar biyan manoma kuɗin kayansu ce. Koma sama ka karanta.

Baba_Mai_Sikeli:
Ni duk wannan mita da kwamfuta ban ga abin da suka ƙara ba sai rigima. Da can tiya muke sawa, kowa na gani da idonsa. Danshi kuwa haƙori ne mitarsa: ka ɗauki ƙwaya ka ciza, in ta ce ƙas ta bushe, in ta lotse a ce wa mai ita ya koma ya shanya. Ba a cire wa kowa komi. Ku daina karɓar ɗanyen kaya, shi ke nan lissafi ya miƙe.

Sakataren_Fadama:
Baba, Allah shi ƙara girma. Mun gwada korar ɗanyen kaya bara. Wanda ya ɗauko buhu goma a amalanke daga nesa ba zai koma da su ba, sai ya tsaya bakin hanya ya sayar wa 'yan sari da araha. Kuma yawancinsu akwai bashin takin ƙungiya a kansu, in kayan bai shigo sitonmu ba bashin ma bai dawo ba.

Hajiya_Mai_Casa:
Baba, haƙori yana raba ɗanya da busasshiya, wannan ba musu, ni ma da shi nake fara dubawa. Amma ba ya raba 14 da 16, kuma a tan ashirin wannan tazarar ta fi kilo 400. Tiya kuma a shanshera ba ta da amana, don ƙaiƙayi da ƙwayar da ba ta cika ba suna cika kwano ba su da nauyi.

Manomi_Daberam:
Ku dakata. Ni manomi ne, ba sakatare ba, kuma ina cikin irin wannan ƙungiya. Abin da na fahimta a nan shi ne an taru an gano hanyar da za a ƙara yanke mana. Jiya 808, yau 803. Gobe kuma wani mai ilimi zai zo da wata rabawar. Mu da muka sha sauro a fadama kullum mu ne a ƙasa.

Akawu_Kofar_Soro:
Ranka shi daɗe, fushinka yana kan hanya, amma duba wani abu. Naira 2,400 ɗin nan da aka biya mai lamba 17 a kan ruwa, daga aljihun wa ta fito? Daga asusun ƙungiya, wato daga kuɗin wanda ya wahala ya shanya tasa ta kai 14 kafin ya kawo. Tsohon lissafin yana saka wa mai kawo ɗanya, kuma iya ɗanyantar kaya iya ribarsa: a danshi 22, cire kashi 8 yana barin kilo 92 a cikin 100, alhali gaskiyarsa 90.7 ce.

Amma ina tare da kai a abu ɗaya. Sakatare ba shi da hurumin canza lissafi shi kaɗai a tsakiyar kaka don ya karanta wani abu a waya. A kira taro, a kawo buhu ɗaya ɗanye, a auna nauyinsa da danshinsa a gaban kowa, a shanya, a sake aunawa. Sannan a rubuta a bangon sito abin da kilo 100 ke komawa: danshi 15 ya koma 98.8, 16 ya koma 97.7, 17 ya koma 96.5, 18 ya koma 95.3, 20 ya koma 93. Wanda bai iya rabawa ba ya iya duba bango.

Manomi_Daberam:
To in haka ne, ni da nake kawo tawa a 12 fa? In ruwa ake cirewa, a ƙara mani na bushewar da na yi. Ko lissafin gefe ɗaya yake aiki?

Malam_Na_Zango:
Wannan tambaya tana da nauyi. Suratul Muɗaffifina a kan wannan ta yi gargaɗi: wanda in zai karɓa ya cika mudu, in zai bayar ya tauye. Ban ce cire danshi haramun ne ba, tunda ruwa ba shinkafa ba ne. Abin da nake cewa, sharaɗin ya zama sananne ga mai kaya tun kafin a sauke buhunsa, ya ga lambar da mita ta nuna da idonsa, ya yarda. In an auna a bayan idonsa, ranar Juma'a ya ga an yanke, ko lissafin daidai ne an bar ƙofar zargi a buɗe.

Akawu_Kofar_Soro:
Allah shi gafarta Malam, haka ne. A lissafi kam, kilo 860 a danshi 12 daidai yake da 880 a danshi 14, ƙarin kilo 20, naira 10,000. Fomular tana iya bayarwa. Tambayar ita ce wa zai biya ƙungiya wannan ƙarin, tunda Sakatare ya ce masu injin ba su ƙara komi a kan 12.5 ba.

Hajiya_Mai_Casa:
Kuma ba za su ƙara ba. Shansherar da ta ƙone a rana tsagewa take a cikin ɓawonta, in ta shiga inji sai ta fito gutsattsari. In kuka ce za ku biya ladan bushewa, kowa zai baza tasa a kan kwalta kwana uku ya kawo maku tsaki. Ni dai a tsaya a 14, wanda ya wuce ƙasa don kansa.

Manomi_Daberam:
Hajiya, ke mai saye ce, dole ki ce haka. Ni ban gamsu ba. Ko rabin ƙarin ne a ba mu zuwa 13.

Matashin_Sandamu:
Na karɓi gyara a kan na farko. Malam Akawu, don Allah rubuta mana yadda za a sa shi a shafin, mu ma ƙungiyar matasanmu ta waken suya muna so.

Akawu_Kofar_Soro:
Ga yadda nake shimfiɗa shi. Shafi ɗaya mai suna Kaya, kowace kawowa layinta daban, ko mutum ya zo sau uku a mako layi uku ne. Layin A rana, B lambar mako, C lambar manomi, D yawan buhu, E abin da sikeli ya nuna, F danshi, G datti, H farashin ranar. Wani ɗan shafi mai suna Doka: B1 nauyin buhu 0.2, B2 ƙa'idar danshi 14, B3 dattin da aka yafe 1. Sai waɗannan huɗu a I, J, K da L:

```
=E2-D2*Doka!$B$1
=I2*(100-MAX(F2,Doka!$B$2))/(100-Doka!$B$2)
=ROUND(J2*(1-MAX(G2-Doka!$B$3,0)/100),1)
=ROUND(K2*H2,0)
```

Da lambobin mai lamba 17 za ka ga 860, 820, 803.6, sai 401,800. MAX ɗin da ke layi na biyu shi ne hukuncin Hajiya: wanda ya kawo ƙasa da 14 ana ɗaukarsa a 14, ba ragi ba ƙari. In taronku ya bi ra'ayin mutumin Daberam na tsayawa a 13, sai a sa 13 a cikin MAX ɗin kawai, a bar 14 ta wajen rabawa. Ku masu waken suya kada ku kwafi 14, ku tambayi mai sayenku a kan nawa yake karɓa.

Farashi kuwa da hannu ake rubuta shi a kowane layi. Kada ka ja shi daga akwati ɗaya, don ranar da farashi ya tashi ka canza, duk makonnin baya za su canza tare, takardar da mutane suka dangwala wa hannu ta daina dacewa da kwamfuta.

Ummu_Hafsat:
Bari in ba ku labarin wannan MAX ɗin, don ya taɓa cizona. Ni ke yi wa ƙungiyarmu ta mata lissafi a cikin Katsina. Wani mako na yi tafiya na bar wa ɗana shigar da kaya. Yaro mai son burgewa, maimakon ya rubuta 18 sai ya riƙa rubuta 18%. A ido daidai ne, amma kwamfuta 0.18 ta ɗauka, ta ga 14 ta fi girma, ba ta cire wa kowa ko giram ɗaya ba. Ba ja, ba kuskure, komi lafiya lau. Sai da na lura layin I da na J iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, a makon da aka yi ta kawo ɗanyen kaya. An riga an biya. Kuɗin da ya shiga hannun mata kuwa kun san ba ya dawowa da sauƙi, sai da muka yi mako huɗu muna cira kaɗan-kaɗan, har yau akwai wadda ba ta gaishe ni.

Akawu_Kofar_Soro:
Sannu Hajiya. Haka ma in an bar akwatin danshi babu komi, ko aka rubuta harafi a ciki, shiru zai yi ya ɗauki 14. Maganinsa Data Validation a kan F: a zaɓi Decimal, tsakanin 8 da 30. Duk wanda ya rubuta 18% zai ƙi karɓa. Amma ba ya kama akwatin da aka tsallake, don haka a sama nake ajiye wannan, in bai nuna 0 ba ba na fitar da takardar biya:

```
=COUNT(E2:E500)-COUNT(F2:F500)
```

Dan_Baure:
Ni abin da ban yarda da shi ba giram 200 na buhu. Wa ya auna? Buhun taki da aka wanke daban, sabon buhu daban, wanda aka yi wa faci uku da igiya daban.

Sakataren_Fadama:
Gaskiya gadonsa na yi daga sakataren da ya gabace ni. Gobe in sha Allahu zan ɗora buhu ashirin babu komi a sikeli in raba. Amma ko da kuskuren giram 50 ne, a buhu 250 kilo 12.5 ne, ba shi ne babban ɓarawon ba.

Hajiya_Mai_Casa:
Babban ɓarawon da ba ku ambata ba shi ne inda ake soka mita. Saman buhu ya sha iska a hanya, tsakiya ne ke riƙe da ruwa. Akwai kuma mai zuba busasshiya a baki, ɗanya a ciki, ba sharri na yi wa kowa ba, na gani. Ku sa ƙarfen ɗibar samfur ku ciro daga sama da tsakiya da ƙasa, daga buhu uku ko huɗu cikin goma, ku gauraya a kwano sannan ku auna. Kada kuma a auna shinkafar da aka kwaso yanzu daga rana tana da zafi, a bar ta ta huce a inuwa. Datti ma a daina kimanta shi da ido. A auna kilo ɗaya a ƙaramin sikeli, a shiƙe, a tsince tsakuwa, a auna abin da ya fita. Giram 30 shi ne kashi 3. In da ido ne, na ƙanen shugaba kullum 1 zai zama.

Baba_Mai_Sikeli:
Mutum sittin da huɗu, kowa a shiƙe mashi kilo ɗaya a tsince tsakuwa? Sai Magariba ba ku gama ba.

Sakataren_Fadama:
Ba duka suke zuwa rana ɗaya ba Baba, goma zuwa sha biyar ne. Zai yiwu in an samu mace ɗaya da faifai a ba ta ladanta.

Malam Akawu, saura ɓangaren biya. Mai lamba 17 akwai bashin taki 150,000 a kansa. Da ina cirewa duka a makon farko, sai wani ya tashi da sifili ko ma lissafi ya nuna ana bin sa, ya faɗa ƙasa da sifili, a yi ta rigima.

Akawu_Kofar_Soro:
Shafi na uku, Biya, kowane manomi layi ɗaya. Lambar mako a B1, lambar manomi a A, daga layi na 3. B ya tattaro kuɗinsa na makon, D bashin da ke kansa, E abin da za a cire:

```
=SUMIFS(Kaya!L:L,Kaya!C:C,A3,Kaya!B:B,$B$1)
=MIN(D3,ROUND(B3*0.3,0))
```

Na sa kashi 30 a matsayin misali, taronku ne zai yanke. Da shi, daga 401,800 za a cire 120,540, bashi ya rage 29,460 zuwa mako mai zuwa, a lokacin MIN zai ɗauki 29,460 ɗin kawai ya tsaya. In kuna cire kuɗin ƙungiya, a ce naira 5 a kilo, a kan 803.6 ake lissafa shi ba 862 ba, 4,018 ke nan, shi ne a C. Abin da zai karɓa 277,242.

Kafin ka buga takarda ka haɗa jimlar B ta shafin Biya, ka gwada da jimlar L ta wannan makon a shafin Kaya. In ba su zo ɗaya ba, akwai kayan da aka shigar da lambar da ba ta cikin jerin manoma, wani zai zo Juma'a ya tarar babu sunansa.

Ummu_Hafsat:
Lamba kam dole. Muna da Hauwa Sani uku. Kuma a ƙara wurin rubuta wanda ya kawo kayan, don mata da yawa ɗa ko miji ke kawo masu, ranar biya sai a rasa na wa ne. Mu kuɗin mace a hannunta ko asusunta muke sawa, ko wa ya turo kaya.

Dan_Baure:
277,242 a ina za ka samo naira biyu? Ko hamsin yanzu sai an sha wuya.

Sakataren_Fadama:
Masu asusu muna tura masu cif yadda yake. Masu karɓar tsaba nake saukewa zuwa ɗari, in ba shi 277,200, in rubuta 42 a gabansa zuwa mako na gaba. Da ina share su ne, sai wani dattijo ya tara nasa na kaka guda a kai ya zo ya karanta mani su a gaban mutane.

Matashin_Sandamu:
To Doka fa? In an canza 14 zuwa wani abu a tsakiyar kaka, ba zai taɓa makonnin baya ba kamar yadda aka ce a farashi?

Akawu_Kofar_Soro:
Zai taɓa, ka kama ni. Shi ya sa duk daren Alhamis in na rufe mako nake kwafe layukan makon in mayar da su da Paste Special, Values, su zama lambobi tsaye. Sannan a buga takarda biyu, ɗaya a manna a sito, ɗaya a dangwala hannu a ajiye.

Manomi_Daberam:
Duk na ji. Amma 344 ɗin da Hajiya ta gano, na shanyar da ƙungiya ta wuce da ita, kada in ji an ce za a raba wa manoma. Mu a 14 muka sayar. Wanda ya bar ta a rana shi ya san yadda zai yi.

Hajiya_Mai_Casa:
A nan kam ina bayanka. Su riƙa soka mita a wurin shanya duk bayan awa biyu, da ta taɓa 14 a kwashe a ɗinke, kuma kada kaya su kwana goma a sito cikin hunturu. In dole sai sun jira mota, su nemi mai injin ya yarda a rubuce cewa zai lissafa a kan 14.

Akawu_Kofar_Soro:
Wasu ƙungiyoyin suna sa ɗan kaso na asarar sito a cikin kuɗin ƙungiya tun farko. Ni ban cika so ba, don in an ware wa asara gida takan zauna.

Sakataren_Fadama:
Na gode ƙwarai. Na kai wa shugaba lissafin 120 da 344, ya ce a kira taro ranar Asabar a yi gwajin buhu a gaban kowa. Maganar ƙarin masu kawo 12 da 13 ma za a sa ta, ko da yake ma'aji tun yanzu ya ce bai yarda ba. Kilo 96 har yanzu ban gan su ba. Akwai wanda ya san inda ake samun dutsen awo na kilo 20 ko 50 a Daura ko Katsina, in gwada sikelinmu? Jarkar ruwa na gwada da ita jiya, sai na tuna ita ma ban san nauyinta ba.

Baba_Mai_Sikeli:
Ka zo da sikelin naka kasuwa ranar Lahadi da sassafe kafin a cika, ina da duwatsu biyu na kilo 20. Ka taho da batir mai caji, don irin naku in batir ya yi sanyi lamba rawa take.